Kumburin ƙafa da busasshen tari bayan fara maganin hawan jini

"Likita, mahaifiyata tana da shekara 58 kuma tana da hawan jini. Tun da aka ƙara mata amlodifin daga miligiram 5 zuwa 10, idon sawunta ke kumbura kullum da yamma. Mai kemis ya ba ta ƙwayar fitsari, ba mu ga wani sauƙi ba. Wata guda da ya wuce likita ya ƙara mata lisinofiril, kumburin ya ɗan ragu, sai kuma ta kama busasshen tari da ke hana ta barci. 'Yan uwa suna cewa ƙoda ce da tarin fuka, ita kuma tana so ta bar magungunan gaba ɗaya. Me za mu yi?"

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Abu na farko shi ne a roƙe ta kada ta ajiye magungunan da kanta, a kuma mayar da ita wurin likitan da ya rubuta su a cikin wannan makon, da kwalayen magungunan duka a hannu, har da wanda mai kemis ya bayar. Yadda abubuwan suka biyo juna, wato kumburi bayan ƙarin amlodifin da kuma tari bayan shigowar lisinofiril, ya yi daidai da abin da muka saba gani daga waɗannan ƙwayoyi biyu, kuma kowannensu yana da gyara mai sauƙi. Sai dai ban ga Hajiya ba, ban danna ƙafarta ba, ban saurari ƙirjinta ba, saboda haka zargin 'yan uwa ba abin da za a yi watsi da shi ba ne sai an yi gwajin da zai kore shi. Zan bayyana yadda kowane magani ke haifar da nasa, da yadda ake rarrabe shi da cutar da ke kama da shi.

Dalilin kumburin amlodifin

Amlodifin, wanda ake rubutawa amlodipine a jikin kwali, yana saukar da jini ne ta hanyar saki ƙananan jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Bangon waɗannan jijiyoyi yana da tsoka, kuma tsokar tana buƙatar sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta kafin ta matse. Maganin yana tare ƙofar da kalsiyam ke shiga, sai jijiyar ta buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi turi da ƙarfi ba. Matsalar ita ce jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ba sa buɗewa daidai da haka. Wanda ya taɓa yin ban ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa idan aka buɗe mashigar ruwa sosai aka bar mafitar a matse: ruwan zai taru a kwami har ya riƙa tsattsafowa ta gefe. Haka yake a 'yan siraran jijiyoyin da ke tsakanin mashiga da mafita. Matsin da ke cikinsu yana ƙaruwa, sai ruwan jini ya riƙa tsattsafowa zuwa cikin naman da ke kewaye, kuma tunda ƙafa ce ƙasa da komai idan mutum yana tsaye ko zaune, a nan abin ke bayyana.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne jikin Hajiya bai tara ruwa fiye da kima ba. Ruwan da ke jikinta ne ya sauya wuri, ya bar cikin jijiya ya koma ƙarƙashin fata. Wannan ne ya sa ƙwayar fitsarin da aka ba ta ba ta yi wani abin kirki ba. Ƙwayar, wadda mafi yawa furosemayid ce da mutane suka fi sani da lasis, tana sa ƙoda ta fitar da ruwa da gishiri daga cikin jini, amma ba ta taɓa matsin da ke tura ruwan waje. Sakamakon shi ne mutum ya yi ta zaryar banɗaki, ya ji jiri idan ya miƙe, sinadarin fotasiyam ɗinsa ya ragu, ƙafa kuma tana nan yadda take. A lokacin bazara ko cikin azumi, abin yana iya kaiwa ga bushewar jiki da taɓa ƙoda, musamman yanzu da aka haɗa mata da lisinofiril. A ganina wannan ƙwayar fitsarin da ba likita ne ya rubuta ba ita ce mafi hatsari a cikin duk abin da ka lissafa, kuma ita ce farkon abin da zan so likitanta ya duba ya cire, in dai bai sami wani dalili na zuciya ko ƙoda da zai sa a ci gaba da ita ba.

Kumburin yana bin yawan maganin. Takardar bayanin da kamfanin da ya fara yin amlodifin ya fitar ta nuna cewa wajen mutum 3 cikin 100 ne suka kumbura a kan miligiram 5, amma a kan miligiram 10 adadin ya kai kusan 11 cikin 100, kuma mata sun fi maza samunsa nesa ba kusa ba. A ɗakin duba marasa lafiya muna ganinsa fiye da haka, domin yana ƙaruwa idan an daɗe ana shan maganin, kuma zafin gari da tsawon tsayuwa ko zama da ƙafa a sauke suna ƙara shi. Telan da ke wuni a kan keke, da mai tuyar ƙosai, da dattijuwar da ke wuni a kan kujera, su ne suka fi zuwa da wannan ƙorafi. Ba lallai ne ya fito a makon farko ba. Yakan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa mutane da yawa ba sa danganta shi da ƙwayar da suka saba sha.

Kamanninsa ba su da wuyar ganewa. Yana kama ƙafafu biyu kusan daidai, yana farawa daga idon sawu da bayan ƙafa, da safe mutum ya tashi ƙafa ta saɓe, zuwa la'asar takalmi ya matse har igiyar silifa ta bar shaida a fata. Idan ka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na ɗan lokaci ka ɗaga, za ka ga rami ya zauna kafin ya cike a hankali. Ba ya zuwa da ciwo mai tsanani, sai dai nauyi da ɗan zafi, wani lokaci fatar ta yi duhu ko ja. Mutum yana cin abincinsa, yana barci a kwance sosai, yana tafiyarsa ba haki.

Kumburin da ba na magani ba

Hawan jini da kansa yana lalata zuciya da ƙoda idan ya daɗe, saboda haka mai shan amlodifin yana iya kumbura don wani dalili dabam, kuma kuskure ne babba a ɗora wa ƙwaya laifin kowane kumburi. Tambayoyin da nake yi a irin wannan hali kaɗan ne. Shin tana haki idan ta yi 'yar tafiya ko ta hau bene? Shin tana iya kwanciya a kan matashi ɗaya, ko sai ta tara matasai, ko tana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe sai ta zauna? Idan amsar e ce, zuciya ake zargi, kuma a lura cewa zuciyar da ta gaza tana kawo kumburin ƙafa da tarin dare a lokaci guda, wato ainihin abubuwa biyun da Hajiya ke fama da su. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a saurari ƙirjinta kafin a yanke hukunci. Idan kuma fuska ce ke kumbura da safe, musamman kewayen ido, fitsari yana kumfa ko ya ragu, ƙoda ake dubawa. Idan ciki ne ya kumbura, ido ya yi rawaya, hanta ce.

Akwai wanda ba ya jiran gobe: ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, sha-raɓa ya yi tauri da zafi da ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko kwanciyar jinya. Wannan yana iya zama gudan jini a jijiya, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Amlodifin ba ya zaɓar ƙafa ɗaya.

Gwajin da ake buƙata ba mai tsada ba ne: gwajin fitsari don a ga ko furotin na zuba, da gwajin jini na kiriyatinin da fotasiyam don a ga aikin ƙoda. Idan likita ya ji wani abu a ƙirji, sai ya ƙara hoton ƙirji ko hoton zuciya. A kuma gaya masa gaskiya idan tana shan maganin ciwon gwiwa ko ciwon baya irin su dikulofenak, ibufurofen ko firoksikam, waɗanda dattawanmu ke saya a kemis kusan kullum. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna tayar da jini, kuma idan suka haɗu da lisinofiril da ƙwayar fitsari su uku, ƙoda tana iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Farasitamol ya fi mata aminci.

Yadda ake gyara kumburin

Idan gwaji ya fito lafiya kuma kumburin kaɗan ne, ba ya cutar da komai, kuma wasu sun gwammace su zauna da shi tunda jininsu ya daidaita. Ɗaga ƙafa a kan matashi na rabin awa da rana, da tashi a ɗan taka bayan dogon zama, suna rage shi. Rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa yana da amfani ga hawan jinin kansa, amma kada a sa ran shi kaɗai zai kawar da wannan kumburi, tunda ba gishiri ne tushensa ba.

Idan ya dami mutum, matakin da ya fi aiki shi ne a mayar da amlodifin miligiram 5, a cike gurbin da wani magani na wani aji. Ninka amlodifin daga 5 zuwa 10 yana ƙara saukar da jini kaɗan ne, amma yana ninka kumburi fiye da sau uku, shi ya sa na fi son ƙananan ƙwayoyi biyu a kan babba guda. Likitan Hajiya ya yi tunani mai kyau da ya zaɓi lisinofiril, domin wannan ajin magani yana buɗe jijiyoyin da ke mayar da jini, wato mafitar da amlodifin ya bari a matse, sai matsin da ke tsakani ya ragu. Raguwar kumburin da kuka lura da ita ba dace ba ce, aikin maganin ne. Akwai kuma wani ɗan uwan amlodifin mai suna lakanidifin, da ake rubutawa lercanidipine, wanda bai kai shi sa kumburi ba, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Komawa nifedifin kuwa ba mafita ba ce, domin shi ma yana kumbura ƙafa ta hanya ɗaya. Amlodifin yana daɗewa a jiki, yakan ɗauki awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, saboda haka bayan an rage shi a ba ƙafar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ce ba a ga canji ba.

Ba na saurin cire amlodifin gaba ɗaya daga mutanenmu, kuma ina da dalili. Baƙar fata sun fi samun saukar jini da ajin amlodifin da kuma ajin tayazayid, wato magungunan hawan jini masu sa fitsari kaɗan, fiye da lisinofiril shi kaɗai. Wani bincike mai suna CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara, aka wallafa a 2019, ya gwada haɗe-haɗen magani uku a kan mutum sama da 700. Haɗe-haɗe biyun da ke ɗauke da amlodifin sun fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Ga araha, ga sha sau ɗaya a rana, ga shi ba ya buƙatar yawan gwajin jini. Maganin da ke da waɗannan siffofi gara a rage shi a riƙe da a yar da shi saboda takalmi ya matse.

Tarin lisinofiril

Lisinofiril yana cikin ajin magungunan da ke toshe wani sinadari a jiki da ake kira ACE. Ana gane 'yan wannan aji da ƙarshen sunansu a jikin kwali: lisinopril, enalapril, captopril, ramipril, perindopril. Sinadarin ACE yana da yawa a jijiyoyin huhu, kuma aiki biyu yake yi. Na farko, yana ƙera wani sinadari mai matse jijiyoyin jini, anjiyotensin na biyu, kuma wannan aikin ne muke so mu hana don jini ya sauka. Na biyu, yana rusa wani sinadari mai suna biradikinin. Idan aka toshe ACE, aikin biyu duka suna tsayawa, sai biradikinin ya taru a hanyoyin numfashi, ya riƙa tsokanar jijiyoyin da ke tayar da tari. Babu ƙwayar cuta, babu majina, huhu lafiyarsa ƙalau. Jijiyar tari ce kawai ta zama mai saurin tashi.

Shi ya sa masu shi ke kwatanta shi da kalmomi kusan iri ɗaya: wani abu yana yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro, kamar ƙaiƙayin gero ya maƙale, ina tari ba abin da ke fita. Yana tsananta idan an kwanta ko ana doguwar magana, har wasu mata su riƙa sakin fitsari saboda ƙarfin tarin, abin da kunya ke hana su faɗa sai an tambaya. Babu zazzaɓi, babu rama, babu kaki. Yana iya farawa a kwanakin farko, yana kuma iya jira watanni. Wajen mutum ɗaya cikin goma ke samunsa, mata sun fi maza, kuma abin mamaki waɗanda ba sa shan taba sun fi masu sha. Bai cika bin yawan magani ba kamar kumburin amlodifin, saboda haka rage lisinofiril daga miligiram 10 zuwa 5 ba kasafai yake raba mutum da shi ba, kuma sauya shi da enalafiril ko wani ɗan ajin ɓata lokaci ne, domin duk hanyarsu ɗaya.

Abin da ke ba ni takaici a wannan tari shi ne kuɗi da wahalar da ake sha kafin a gano shi. Wata malamar makarantar firamare ta zo mini da jaka cike da kwalaben maganin tari, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kala-kala, an yi mata hoton ƙirji ba a ga komai ba, har abokan aikinta sun fara ja da baya da ita a ɗakin malamai. Babu wanda ya tambaye ta ko an sauya mata maganin hawan jini, ita ma ba ta ga alaƙar da za ta sa ta faɗa ba. Da muka zazzage jakar sai ga lisinofiril a haɗe da haidurokulorotayazayid, ɗan ajin tayazayid, cikin ƙwaya ɗaya, da sunan kamfani a manyan haruffa, sunan sinadarin kuma a ƙanana can ƙasa. An fara ba ta shi wata biyu kafin tarin. Muka mayar da ita kan losatan, wani maganin hawan jini na wani aji, kafin wata ya cika tana barcinta. Shi ya sa nake cewa a riƙa karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan kamfani. Maganin tari na ruwa ba ya taɓa wannan tari, kuma wasu magungunan mura suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci irin sudo'efedirin, wanda ke tayar da jini.

Duk da haka, a ƙasarmu ba a wasa da tarin da ya wuce mako biyu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma shan lisinofiril ba ya kare kowa daga gare shi. Idan akwai zazzaɓin yamma, ko gumin dare, ko rama, ko kaki, balle jini a kaki, ko wani a gidan ya taɓa yin tarin fuka, a kai kakinta a gwada da na'urar GeneXpert, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ko babu waɗannan alamu, tunda tarin Hajiya ya kai makonni, ba zan hana a yi gwajin ba idan likitanta ya nema, domin yana kwantar da hankalin gida. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace a madafa, asma da ƙwannafi su ma suna kawo busasshen tarin dare, kuma mutum yana iya haɗa biyu.

Tabbacin cewa magani ne yana zuwa ne ta hanya guda, wato a cire shi a ga tarin ya tafi. Yawanci yana lafawa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, amma a wasu yakan kai wata uku, don haka kada a yanke ƙauna a kwana na biyar. Abin da ake sakawa a madadinsa shi ne ajin da sunayensu ke ƙarewa da sartan a jikin kwali, kamar losartan, valsartan da telmisartan. Waɗannan ba sa taɓa sinadarin ACE. Suna tare wurin da anjiyotensin ke sauka a jikin jijiya ne, saboda haka biradikinin yana ci gaba da rushewa kamar kullum, tari kuma ba ya tasowa sai nadiran. Suna kare ƙodar mai ciwon suga kamar yadda lisinofiril ke yi, kuma su ma suna rage kumburin amlodifin. Ba a shan su tare da lisinofiril. Ɗaya ne ke maye gurbin ɗaya, domin haɗa su yana cutar da ƙoda yana tayar da fotasiyam. Na sha ganin wanda aka sauya wa magani ya koma gida ya ci gaba da shan tsohon da sabon don kada ragowar ta lalace, saboda haka a kwashe tsohon daga ɗakinta.

Kumburin da ke kashewa

Akwai wani kumburi na ajin lisinofiril da bai kamata a rikita shi da na idon sawu ba. Shi wannan leɓe ne, ko harshe, ko fuska, ko maƙogwaro ke kumbura farat ɗaya cikin mintuna ko sa'o'i, galibi ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Biradikinin ɗin nan ne dai ke jawo shi. Ba shi da yawa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma baƙar fata sun fi fararen fata samunsa ninki uku ko fiye, kuma yana iya zuwa bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau. Idan leɓe ko harshen Hajiya ya kumbura, ko muryarta ta dushe farat ɗaya, ko haɗiyar yawu ta gagara, wannan ne wuri ɗaya da ake dakatar da maganin nan take ba tare da jiran kowa ba, a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, domin harshe yana iya toshe hanyar numfashi. Wanda ya taɓa yinsa ba ya sake shan kowane magani na wannan aji har abada, kuma ko losatan sai likita ya auna kafin ya ba shi. Busasshen tari shi kaɗai ba alamar cewa wannan yana tafe ba ce.

Ga matan da ke iya ɗaukar ciki kuma, lisinofiril da losatan da danginsu duka suna cutar da ƙodar ɗan tayi. Wannan bai shafi Hajiya ba, amma ya shafi duk 'yarta ko surukarta da za ta ce bari ta ɗan sha na Hajiya tunda ita ma kanta na ciwo.

Abin da zan yi da a gabana take

A ce na duba ta, ƙirji ba ruwa, jijiyar wuya ba ta cika ba, fitsari ba furotin, kiriyatinin da fotasiyam daidai, jininta kuma wajen 136 bisa 84 a kan magungunan da take sha yanzu. Zan cire ƙwayar fitsarin kemis. Zan tsayar da lisinofiril, washegari ta fara losatan miligiram 50 sau ɗaya a rana. Amlodifin kuwa ya danganta da yadda kumburin ya dame ta: idan yana hana ta sa takalmi ko zaman tahiya a salla, zan mayar da shi miligiram 5 a ranar, idan tana iya jurewa, zan bar shi tukuna don kada a sauya abubuwa da yawa lokaci guda a kasa gane wanne ya yi me. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a sake gwajin kiriyatinin da fotasiyam, domin losatan yana iya taɓa su kamar lisinofiril. Ɗan tashin kiriyatinin ba abin tsoro ba ne, amma idan ya haura kashi 30 cikin 100 na yadda yake a da, ko fotasiyam ya hau, sai a tsaya a sake lissafi. Idan ta kamu da amai da gudawa a kowane lokaci, a sanar da likita, domin akan dakatar da losatan na 'yan kwanaki har ta koma ci da sha.

A gida, idan kuna da na'urar awo, a auna ta safe da yamma tana zaune ta huta minti biyar, hannu a kan tebur, a rubuta a takarda. Abin da ake nema shi ne ƙasa da 140 bisa 90, kuma idan tana da ciwon suga ko ciwon ƙoda likita zai so ƙasa da haka. Idan bayan wata guda a kan amlodifin 5 da losatan 50 awon ya koma wajen 150 bisa 95, ba sai an koma amlodifin 10 ba. Ana iya kai losatan miligiram 100, ko a ƙara haidurokulorotayazayid miligiram 12.5, wanda shi ma yana sa fitsari kaɗan amma aikinsa saukar da jini ne, ba irin lasis ba.

Game da niyyarta ta barin magani, a fahimtar da ita wani abu da ke ruɗar mutane da yawa. Saboda amlodifin yana daɗewa a jiki, wanda ya daina sha zai auna bayan kwana biyu ya ga jininsa lafiya, ƙafa ta saɓe, tari ya fara sauƙi, sai ya ɗauka ya warke. Bayan mako ɗaya ko biyu jinin ya koma inda yake ba tare da wata alama ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Zoɓo da tafarnuwa ba za su riƙe jinin da ya buƙaci magani biyu ba. Idan kuɗin losatan ya yi nauyi, a faɗa wa likita kai tsaye, domin amlodifin miligiram 5 tare da haidurokulorotayazayid haɗi ne mai araha da ke aiki sosai a mutanenmu, sai dai ba zai rage kumburin kamar losatan ba.

Idan an yi wannan sauyi, ƙafa ba ta saɓe ba bayan mako biyu zuwa uku da rage amlodifin, ko tarin bai fara lafawa ba bayan wata guda da barin lisinofiril, a koma asibiti a faɗaɗa bincike da hoton ƙirji da hoton zuciya, kada a ci gaba da jira a kan cewa magani ne.